Neman ganawa kan irin citta kafin shukar bana

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Babban Sakatare.

Barka da aiki, barka da ƙoƙari. Da fatan Yallaɓai da iyali kuna lafiya.

Ni ne sakataren manoman citta da suka gaishe ka a bakin ofis bayan taron watan jiya, inda ka ce mu nemi lokaci mu dawo a zauna a tsanake. Dattawanmu ne suka wakilta ni in tuna maka.

Maganar iri ce, ranka ya daɗe. Tun annobar da ta faɗa wa citta a daminar 2023 a Kachia da Kagarko da Jaba, da yawa daga cikinmu ba su koma gona yadda suka saba ba. Ba ƙasa suka rasa ba, iri mai lafiya ne ya yi wuya, wanda ake samu kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ita citta ana shuka ta ne da ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, wanda bai tanadi iri tun yanzu ba kuwa, bana ta wuce shi. Abin da ya sa muke so a gana kafin azumi ya kama ke nan.

Mun san hidima ta yi maka yawa, don haka ba mu tsayar da rana ɗaya ba. Akwai Talata 10 ga Fabrairu da ƙarfe 11:00 na safe. In safiyar ta cushe, to Alhamis 12 ga wata da ƙarfe 2:30 na rana, bayan an sauko daga Azahar. Ta ukun ita ce Litinin 16 ga wata da ƙarfe 12:00 na rana, kodayake na san Litinin ranar taruka ce a sakatariya, shi ya sa muka bar ta a ƙarshe.

Mu uku ne za mu zo, kuma minti 20 ya ishe mu. Bayaninmu shafi biyu ne kacal, zan kai wa mai taimaka maka kwana ɗaya kafin ranar don kada mu ci lokacinka da dogon bayani. Ba mu sa da sassafe ba ne saboda daga Kachia za mu taso, kuma akwai dattijo a cikinmu.

Ba sai ka rubuta doguwar amsa ba, Yallaɓai. Ko "Talata", ko "Alhamis", ko "Litinin" ka turo ta wannan lambar, ya wadatar. In kuma duk ukun ba su yi ba, a faɗa mana ranar da ta yi maka, za mu bi.

Allah ya ƙara girma, ya yi riƙo da hannunka.

Naka cikin girmamawa,
Sakataren manoman citta, a madadin dattawa