Darasi na Shida: Layukan Haske da Tsarin Bohr na Ƙwayar Zarra

Ɗalibai, na rubuta wannan bayani ne domin ku karanta kafin mu haɗu ranar Litinin, tunda abin da muka gani a ɗakin gwaji ranar Alhamis bai kwanta a zukatanku ba tukuna.

Ku tuna yadda muka yi. Mun rufe tagogi, muka kashe fitilu, muka fara leƙa hasken ƙwan lantarki mai zaren waya ta cikin firizim. Launuka suka fito a jere kamar bakan gizo, ja ya narke cikin ruwan lemo, ruwan lemo cikin rawaya, haka har zuwa shunayya, babu giɓi ko ɗaya. Daga nan muka kunna siririn bututun gilashin nan mai iskar haidurojin, ya ɗauki wani haske mai ruwan hoda. Da kuka leƙa shi, sai ga duhu ya mamaye ko'ina, in ban da 'yan siraran layuka: ja ɗaya can gefe shi kaɗai, ɗaya tsakanin shuɗi da kore, sai biyu a ɓangaren shunayya. Wata daga cikinku ta dage cewa uku take gani. Gaskiya ta faɗa, domin na huɗun dishi-dishi ne, yana daf da iyakar abin da ido ke iya kamawa, sai ido ya saba da duhu sosai. Na ji daɗin dagewar tata, domin abin da idonta ya gani ta faɗa.

Tsawon zangon waɗannan layuka huɗu, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar haske ɗaya da na gaba, shi ne 656, 486, 434 da 410 a ma'aunin nanomita, wanda ake rubutawa nm. Ko a ina aka kunna haidurojin, ko wa ya kunna, waɗannan lambobin ne za su fito. Tambayar darasinmu ke nan: me ya sa waɗannan launuka kaɗai, me ya hana na tsakaninsu?

An daɗe da sanin layukan kafin a san dalilinsu. A 1814 Joseph von Fraunhofer ya ƙirga ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin hasken rana. Wajen 1859 zuwa 1860, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen a Heidelberg suka nuna cewa kowane sinadari yana da nasa layukan, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa. Shi ya sa gishirin da muka barbaɗa a harshen wuta ya mayar da ita rawaya fau: sodiyam ne ke fitar da haske a wajen 589 nm. Da wannan dabara aka ga wani layin rawaya a hasken rana a 1868 wanda bai dace da wani sanannen sinadari ba, aka raɗa masa suna hiliyam, ba a kuwa same shi a doron ƙasa ba sai 1895.

A 1885 wani malamin lissafi a makarantar 'yan mata a Basel, Johann Balmer, mai shekara 60, ya zauna da lambobin nan huɗu har ya gano ƙa'idar da ta haɗa su. A yadda Johannes Rydberg ya faɗaɗa ta daga baya, ana rubuta ta haka, inda λ ke nufin tsawon zango:

```
1/λ = R (1/2² − 1/n²),   n = 3, 4, 5, 6
R = 1.097 × 10⁷ m⁻¹
```

Lissafin ya yi daidai, amma babu wanda ya san abin da 2 da 3 da 4 ke nufi a cikin ƙwayar zarra. Haka aka zauna shekara 28.

Kafin nan wata matsalar ta ɓullo. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa ƙwayar zarra tana da 'yar mitsitsiyar cibiya mai nauyi, ilektron kuma yana waje da ita. To, bisa ilimin lantarki na lokacin, duk wani abu mai caji da ke kewaya dole ya riƙa zubar da makamashinsa a matsayin haske. Ke nan ilektron zai yi ta matsowa ciki, yana fitar da kowane irin launi a kan hanya, har ya faɗa cibiya cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Abu biyu suka ƙaryata wannan: ƙwayoyin zarra ba sa rushewa, kuma layuka muke gani, ba bakan gizo ba.

Niels Bohr, ɗan ƙasar Denmark, an haife shi a shekarar da Balmer ya fitar da ƙa'idarsa. A 1913 ya zo da magana biyu. Ta farko, ilektron ba ya zama a inda ya ga dama. Akwai keɓaɓɓun matakan makamashi da aka yarje masa, kuma muddin yana kan ɗayansu ba ya fitar da haske. Ta biyu, haske yana fita ne kawai a lokacin da ilektron ya diro daga mataki na sama zuwa na ƙasa, kuma yana fita a dunƙule ɗaya, wato foton ɗaya, mai ɗauke da daidai bambancin da ke tsakanin matakan biyu. Batun cewa haske na zuwa a dunƙule-dunƙule ya samo shi ne daga aikin Max Planck na 1900 da na Albert Einstein na 1905. A lissafin da ke ƙasa, n lambar mataki ce, E makamashinsa a ma'aunin ilektron-bolt, wanda ake rubutawa eV, ΔE bambancin matakai biyu, h tsayayyiyar lambar Planck, f kuma yawan kaɗawar igiyar hasken a daƙiƙa.

```
E(n) = −13.6 eV / n²
ΔE = E(sama) − E(ƙasa) = hf
λ (nm) ≈ 1240 / ΔE (eV)
```

Ku ɗauki matakan kamar tsani, wanda ƙafa ke iya taka sandarsa ta ɗaya ko ta biyu amma ba ta tsayawa a iskar da ke tsakani. Sai dai wannan tsanin ba a jera sandunansa daidai wa daida ba. Ku sa lambobi ku gani. Mataki na 1 yana −13.6 eV, na 2 yana −3.40, na 3 −1.51, na 4 −0.85, na 5 −0.54, na 6 −0.38. Daga na 1 zuwa na 2 akwai tazara mai faɗi, 10.2 eV. Daga nan sai su yi ta matsuwa, suna cunkushewa kusa da sifiri. Kada alamar ɗebewar nan ta ruɗe ku. Sifiri shi ne ilektron da ya kuɓuce daga ƙwayar gaba ɗaya, alamar kuma tana nuna zurfin da yake ciki. Wanda ke mataki na 1 sai an ba shi 13.6 eV kafin ya fita.

Yanzu mu koma bututunmu. Wutar lantarkin da muka saka tana rarraba haidurojin zuwa ƙwayoyi ɗai-ɗai, tana kuma bugun ilektron ɗinsu zuwa sama. Ba ya daɗewa a can, sai ya diro. A ce ya diro daga 3 zuwa 2. Bambancin shi ne 3.40 a ɗebe 1.51, wato 1.89 eV. Raba 1240 da 1.89, za ka samu 656. Jan layin da kuka gani ke nan. Daga 4 zuwa 2 kuwa, 3.40 a ɗebe 0.85 ya ba da 2.55 eV, wanda ya faɗa kan 486 nm, layin nan mai shuɗi-kore. Daga 5 zuwa 2 ana samun 2.86 eV, 434 nm. Daga 6 zuwa 2, 3.02 eV, wajen 410 nm, wanda ya ƙi bayyana ga 'yar'uwarku. Ashe 2 ɗin Balmer matakin sauka ne, sauran lambobin kuma matakan da aka taso.

Nan ne nake so ku tsaya ku natsu, domin nan ake yawan tuntuɓe a jarrabawa. Shekarar da ta wuce na gyara takardu da dama da aka rubuta cewa "mataki na 3 ja ne". Mataki ba shi da launi. Launi na tsalle ne, na tazarar da ke tsakanin matakai biyu. Ilektron da ya bar mataki na 3 ya tsaya a 2 ja zai bayar, amma wanda ya bar wannan mataki na 3 ɗin ya zarce zuwa 1 zai saki 12.1 eV, hasken da ido ba ya gani sam. Tsalle mai tsawo, makamashi mai yawa, gajeren zango, a nufi shunayya. Gajeren tsalle, makamashi kaɗan, dogon zango, a nufi ja. Duhun da ke tsakanin layuka kuwa, babu wasu matakai biyu da bambancinsu ya yi daidai da launin wurin, don haka babu abin da zai fito.

Wani ya tambaye ni a bakin ƙofa yadda ilektron ɗaya tal zai fitar da layi huɗu lokaci guda. Ba ya yi. Kowace ƙwaya tsalle ɗaya take yi a lokaci ɗaya, foton ɗaya. Amma bututun cike yake da ƙwayoyi bila adadin, wasu na dirowa daga 3, wasu daga 5, ido kuma yana tattara su duka.

Sauran tsallen ma suna nan, idonmu ne bai kai ba. Duk wanda ya ƙare a mataki na 1 yana faɗawa cikin ultrabayolet, bayan shunayya, ana kiransu jerin Lyman. Mafi ƙanƙantarsu, 2 zuwa 1, yana wajen 122 nm. Waɗanda suka ƙare a mataki na 3 suna bayan ja, cikin infared, su ne jerin Paschen.

Baƙaƙen layukan Fraunhofer su ma wannan labarin ne aka juya. Idan farin haske ya ratsa iskar da ba ta kai inda ya fito zafi ba, ilektron yakan haɗiye foton da ya yi daidai da tazarar wani tsalle, ya hau sama, sauran su wuce. Sai a ga giɓi a daidai inda layi mai haske zai kasance. A hasken rana akwai baƙin layi a 656 nm da wani a 486 nm, gurbin da kuka ga ja da shuɗi-kore ranar Alhamis. Da haka ake sanin akwai haidurojin a rana ba tare da an je ba. Shekara da shekaru ina koyar da wannan, har yau yana ba ni mamaki.

Dole kuma in gaya muku iyakar tsarin. Yana aiki ga mai ilektron ɗaya: haidurojin, ko hiliyam da aka cire wa ilektron ɗaya. Da zarar sun zama biyu, lissafin ya ɓaci. Bai bayyana dalilin da wani layin ya fi wani haske ba, bai kuma bayyana dalilin da rawayar sodiyam, in an duba da na'ura mai kyau, take rabuwa biyu a 589.0 da 589.6 nm ba. Hoton ilektron yana kewaya cibiya a kan da'ira kamar duniya da rana, shi ma ilimin da Erwin Schrödinger ya kawo a 1926 ya maye gurbinsa. Amma matakan makamashi da tsalle tsakaninsu sun tsaya daram. Tun a 1914 gwajin James Franck da Gustav Hertz ya nuna ƙwayar makuri tana karɓar makamashi ne a dunƙulen 4.9 eV. Bohr ya karɓi kyautar Nobel a 1922.

Ga aikin da za ku zo da shi. Ku zana matakai 6 na haidurojin a takardar giraf bisa ma'auni na gaskiya, santimita 1 ga kowane eV, domin ku ga cunkoson sama da idonku. Ku ja kibiya ga kowane layi huɗun da muka gani, kowace da launinta. Sannan ku lissafa tsawon zangon tsalle daga 4 zuwa 3, ku faɗi ko da za mu gan shi a ɗakin gwaji, da dalili. Na ƙarshe: idan aka tayar da ƙwayoyi masu yawa zuwa mataki na 4, layuka nawa daban-daban za su iya fitowa kafin duk su koma mataki na 1, kuma nawa ne daga ciki ido zai gani? Wanda ya maƙale ya same ni a ɗakin gwaji bayan tashi, zan sake kunna bututun.