Neman Izinin Duba Yara Kyauta a Jogana

Daga ƙungiyarmu ta mata masu aikin sa kai,
Gezawa, Jihar Kano.
14 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano,
ta hannun Jami'in Lafiya na Ƙaramar Hukumar Gezawa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna neman izinin duba yara 'yan wata 6 zuwa 59 a Jogana, ranakun Asabar 16 da Lahadi 17 ga Agusta, daga ƙarfe 8 na safe zuwa azahar. Mun zaɓi Agusta saboda lokacin ne rumbu ke ƙarewa, sauro kuma ya yi yawa, tamowa da zazzaɓin cizon sauro su haɗu wa yaro. Dagaci ya amince, ya ba mu rumfar ƙofar gidansa.

Da zaren awo za mu auna damtsen kowane yaro, a tsakiyar tazarar kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. Ba a jan zaren har fata ta tattare, don hakan kan jefa yaro lafiyayye cikin rawaya. Sannan a danna saman ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbi ya zauna, kumburin tamowa ne, ko da zare ya nuna kore. Irin wannan yaron ne uwa kan ɗauka ƙiba ya yi.

Mai zazzaɓi kaɗai za a yi wa gwajin jini na yatsa. Mun tanadi kayan gwaji 300, tare da maganin zazzaɓin cizon sauro na ACT mai lambar NAFDAC, kuma ba wanda zai sha sai gwaji ya nuna. Za a karanta sakamako a mintin da takardar kwalin ta faɗa, domin layin da ya fito a makare ƙarya yake yi. Tsinken hudawa cikin kwalin allurai zai shiga.

Nas biyu da ma'aikatan lafiya na al'umma uku muke da su. Kwafin lasisinsu na haɗe da takardar nan. Ba za mu yi allura ko ƙarin ruwa ba. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, kai tsaye asibiti za a kai shi a motar da muka yi haya.

Bayan izini, muna roƙon jami'i ɗaya da zai sa ido, da sunan cibiyar da za ta karɓi masu tamowa da kwalin alluran. A sanar da ita tun da wuri, kada uwa ta biya kuɗin mota ta tarar babu abincin tamowa. Rahotonmu zai iso ofishinku cikin mako biyu.

Allah ya ƙara girma.

Sakatariya,
a madadin ƙungiya.