Kasafin kuɗi da bayanin dalilansa: furojen ɗakin karatu na lakkwal ɗinmu ta unguwar Zariya, Maradi

Abin da muke roƙo gaba ɗaya 5.985.000 ne na sefa, na aikin wata 12, saboda yara 640 da malamai 14. Farashin da muka sa wanda muka tambayo ne a babbar kasuwa da wajen masu walda. Ga yadda kuɗin za su tafi:

Littattafai: 2.570.000
Gyaran ɗaki: 850.000
Kantoci, tebura, bencina da tabarmi: 980.000
Sola: 600.000
Sufuri: 150.000
Leda, gam, tambari da rajista: 120.000
Horon malamai 2: 130.000
Alawus na mai kula da ɗaki: 300.000
Na ko-ta-kwana, 5 cikin 100: 285.000

Littattafai su suka ci kaso mafi tsoka kuma haka ya kamata. Na Faransanci 500 a kan 3.500 kowane, 1.750.000 ke nan, na Hausa 300 a kan 1.500 ya kama 450.000, na Larabci da Ingilishi 100 a kan 2.500 ya kama 250.000, sai ƙamus 10 a kan 12.000, wato 120.000. Na Hausan ba kwalliya muka sa su ba, yaron da ya shigo aji ɗaya da Hausa ya zo daga gida, in ya fara haɗa baƙi cikin harshen da yake ji to ko Faransancin ma sai ya fi zo masa da sauƙi, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Sun fi araha don Kano za a sayo su a shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa, na Faransanci kuwa sai Yamai, sama da kilomita 600 daga nan, shi ne muka ware 150.000 na mota da ƴan dako.

Ɗaki muna da shi, tsohon sito ne a bayan ofishin darakta, amma kwano na yoyo, daɓen ya farfashe, tagogi babu marfi. 850.000 ɗin na kwano ne da siminti da ƙofa da tagogin ƙarfe da fenti da ladan magini. Dole a gama kafin Yuni, kar damina ta same mu da littafi a ƙasa.

Kantoci 8 na ƙarfe a kan 65.000, 520.000 ke nan, kuma mun san mai duba takardar nan zai ce ai na katako sun fi sauƙi, gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa buɗe kwali a sitonmu ya ga aikin gara, ta ƙasa take shiga, bangon littafi yana nan lafiya lau amma ka ɗaga shi ciki duk ya zama ƙasa. Don Allah in za a rage wani abu kar a taɓa wannan. Tebura 6 a kan 40.000, bencina 12 a kan 15.000, tabarmi 10 a kan 4.000 saboda ƙananan yara sun fi sakewa a ƙasa, waɗannan 460.000 ne.

Sola: faranti 2, batir, fanka 2 da ƙwayayen fitila. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Maradi, ɗakin kwano ba fanka babu yaron da zai zauna ciki, kuma lakkwal ba ta da kuɗin biyan takardar wuta kowane wata.

Ledar rufe bango ita ce za ta sa littafin da ya bi hannu ɗari ya kai baɗi, tambari kuma don kar a tsinci littafinmu a kasuwa. Horon na kwana 3 ne, yadda ake jera littafi da rubuta aro a rajista.

Alawus 25.000 ne a wata, ba albashi ba ne mun sani, amma ɗakin da ba mai riƙe mabuɗi kullum a rufe yake, malamai kuma ajinsu ya ishe su. Za a riƙa buɗewa har da Asabar da safe. Bayan wata 12 kwamitin iyaye ya amince zai ɗauki wannan nauyin, an rubuta an sa hannu.

Na ko-ta-kwana 5 cikin 100 ne na 5.700.000, saboda farashin siminti da ƙarfe ba ya tsayawa wuri ɗaya, canjin naira ma haka. Abin da ba a taɓa ba za mu mayar ko mu nemi izininku a ƙaro littafi.

Iyaye za su kawo yashi da ruwa da aikin lebura da kuɗin mai gadi, mun ƙiyasta shi 400.000, ba ya cikin abin da muke roƙo, in an haɗa aikin duka 6.385.000 ne. Kuɗi za su shiga asusun kwamiti a banki, ba a fitar da ko dala sai da sa hannun darakta da ma'aji, kuma duk wata 3 za mu aiko muku da rahoto tare da rasidai da hotunan aiki.