Haɓo: ku daina ɗaga wa yara kai sama don Allah

Assalamu alaikum iyayenmu mata, malaman makarantar allo da na firamare, da duk wanda wannan saƙo ya iske. Ni ce dai ma'aikaciyar lafiyar nan taku ta ƙaramin asibitin gari, wadda kuke samu ranar awo da ranar rigakafi. Tunda hunturun nan ya kankama kusan kullum sai an kawo mana mai haɓo, kuma kuskure ɗaya ake ta maimaitawa, shi yasa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida.

Ranar kasuwar Gujungu da ta wuce wata kaka ta shigo mana da jikanta ɗan shekara 7 a kan mashin, ta tallafe masa ƙeya fuskarsa na kallon sama, an cusa masa tsumman tsohon zane a hanci har da ɗan toka a jiki. Yana sauka ya kelaya amai, jini baƙiƙƙirin guda-guda, kakar ta ɗora hannu a ka tana salati wai jini ya ɓalle masa a ciki. Ba komai a cikinsa wallahi, jinin hancin ne ya yi ta haɗiya tun daga gida saboda an ɗaga masa kai. Na ce Iya ki kwantar da hankalinki, na zare tsumman, na zaunar da shi a benci ya sunkuyo, na matse hancin muna ta hirar akuyarsa da ta haihu, minti 10 jini ya tsaya cak. Ko allura ba mu yi masa ba.

Abin da yake faruwa shi ne, wannan bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, daga gaba-gaba daidai inda ɗan yatsa yake kaiwa, akwai ƙananan jijiyoyin jini da suka haɗu a wurin kuma fatar da ta rufe su siririya ce sosai. Iskar hunturu ta busar da wurin ya tsage kamar yadda leɓe da dunduniya suke yi, ga ƙura ga ƙaiƙayin sussuka ga hayaƙin murhu ga mura, yaro kuma ya sa farce ya ƙwaƙulo busasshiyar majina, shikenan sai jini. Bazara ma haka. Mafi yawan haɓo daga nan gaban yake fitowa, shi yasa yatsu biyu suke iya tsayar da shi.

To ga yadda za ki yi. Ki zaunar da shi, a kan kujera ko turmi ko tabarma, bayansa a miƙe, kar ya kwanta. Ya ɗan sunkuyo da kansa gaba kamar mai duba allo a cinyarsa, ba wai ya kifa kai tsakanin gwiwoyi ba, kaɗan dai. Ki ajiye masa kwano ko tsumma a gaba, duk jinin da ya zo baki ya tofar, kar ya haɗiye. In an ɗaga kai sama jinin bai tsaya ba, hanya kawai ya sake, ya bi maƙogwaro, ko dai ya tafi ciki ya tayar da zuciya ya sa amai ko ya sarƙe mutum ya bi hanyar numfashi, kuma ku da kuke tsaye ba za ku ga yawan abin da yake zuba ba balle ku san ko abin ya yi tsanani.

Sai matsewa, kuma a nan ne mutane suke kuskure ko da sun san a sunkuya. Ki taɓa hancinki yanzu, daga sama tsakanin ido ƙashi ne mai tauri, ki gangaro ƙasa za ki ji inda ƙashin ya ƙare aka shiga wuri mai laushi. Wannan mai laushin ake kamawa, da babban yatsa da manuniya, a matse ƙofofin biyu su rufe ruf ko da ta gefe ɗaya jinin yake zuwa. Masu kama karan hanci can sama aikin banza suke yi, ƙashi ba ya matsuwa. Masu kama ɗan tsinin hancin kawai su ma ba su kai wurin ba. Ya buɗe baki ya yi numfashi ta nan.

Minti 10 zuwa 15 ba sakewa. Ku duba agogon waya, kar ku yi ƙiyasi, don minti 2 in kana riƙe da hancin yaro mai kuka ji za ka yi kamar awa guda. Kuma don Allah banda leƙe, wannan a ɗan saki a ga ko ya tsaya shi yake ɓata aikin, jinin yana ƙoƙarin daskarewa ya toshe wurin ke kuma kin saki ya wanke gudan, an koma farko. In hannunki ya gaji wani ya karɓa nan take. Babba ya riƙe da kansa, ƙaramin yaro ki ɗora shi a cinya bayansa a ƙirjinki ki riƙe masa, kina lallashi kina tatsuniya, don kuka da firgita suna ƙara zubar. 'Yan kallo a kore su, mata goma a kansa kowa na salati ba ya taimakon yaro da komai. In akwai ruwan randa mai sanyi ko ƙanƙara a naɗe a tsumma a ɗora a karan hanci ko goshi ba laifi, amma wannan ƙari ne kawai, matsewar ita ce maganin. In kin saki bayan minti 15 yana nan yana zuba, ki sake kamawa wani 15 ɗin.

Kar a cusa komai. Tsumma, takarda, auduga, ganye, toka, garin taba, duk na gani da idona. Ƙazanta suke kaiwa cikin ciwo, sannan in an zo cirewa sai su taho da gudan da ya toshe wurin jini ya dawo sabo.

In ya tsaya, wannan yinin da kwanan a bi a hankali. Banda fyace majina da ƙarfi, banda sa yatsa, banda daka da ɗaukar jarkar ruwa da dogon sunkuyo, shayi ko kunu mai zafi ƙwarai a bari ya huce. In zai kwanta a ɗan tada kai da matashi. In ciwon kai ya dame shi farasitamol, kar a je kemis a karɓo asfirin ko ibufurofen, suna iya sa jini ya ƙi daskarewa da wuri. Don kar ya dawo kuma, ɗan basilin ko man kaɗe a kan yatsa mai tsabta a shafa a bakin ƙofar hanci daga ciki safe da dare, ba a tura can ciki ba, a yanke wa yara farce, a sha ruwa sosai ko da sanyi ya hana jin ƙishi, masu sussuka da masu mashin su riƙa rufe hanci da rawani ko takunkumi.

Yanzu wanda ba a zama da shi a gida, ku karanta nan da kyau. In an matse yadda na faɗa har sau biyu, kusan rabin awa kenan, jini bai tsaya ba, a taho. In yana kwarara ne ba ɗiga ba, ko yana gangarawa maƙogwaro duk da an matse an sunkuya, kar ma a jira rabin awar, irin wannan sau da yawa daga can bayan hanci yake inda yatsa ba ya kaiwa, an fi ganinsa a dattawa da masu hawan jini, kuma sai asibiti. In mutum ya fara jiri, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa da sauri, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya suma, wannan gaggawa ce. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa bakinsa na kallon ƙasa don jinin ya fito waje, kar a ɗura masa ruwa.

Haɓon da ya biyo bayan faɗuwa a mashin, faɗowa daga bishiya ko amalanke, harbin jaki ko duka a ka, shi ba haɓon hunturu ba ne. Musamman in akwai amai, barci-barci, surutai, hanci ya karkace, ko wani ruwa garai-garai yana fita ta hanci ko kunne, a wuce babban asibiti kai tsaye kuma a kula da wuyansa wajen ɗauka.

Sai waɗanda jininsu ne yake da matsala ba hancin ba. Wanda maciji ya sara, musamman kububuwa, ya fara haɓo ko dasashi na jini, dafin ne ya hana jini daskarewa, matse hanci ba zai yi komai ba, allurar dafin maciji yake buƙata yau ba gobe ba. Zazzaɓi mai zafi da ya ƙi jin maganin maleriya sannan ga jini ta hanci ko baki, muna tsoron zazzaɓin Lassa wanda ɓera yake yaɗawa kuma da rani ya fi yawa, kar a taɓa jinin da hannu tsirara, a sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu, kuma ku faɗa mana tun daga bakin ƙofa. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin na masu ciwon zuciya, mai sikila, mai ciki da haɓon ya yi yawa ko take da ciwon kai da kumburi, jariri da bai kai shekara 2 ba, duk a kawo su mu gani. Dama mai sikila da mai ciki sau da yawa suna da ƙarancin jini, kaɗan in ya zuba sai ya nuna.

Akwai kuma wanda ba na gudu ba ne amma kar a share. Yaron da yake haɓo kusan duk sati, ko jikinsa yake yin tabo baƙi-baƙi ba wanda ya doke shi, ko ya taɓa zubar da jini da yawa lokacin kaciya ko cire haƙori, a kawo shi a yi gwajin jini. Yaron da hancinsa ɗaya kawai yake fitar da majina mai wari da jini-jini, galibi wani abu ya tura, ƙwayar wake ko gyaɗa ko dutsen ado, kar a sa tsinke a ce za a ciro, ƙara tura shi za a yi. In kuma ɗan ƙaramin batirin nan ne mai kamar maɓalli na agogo ko kayan wasa, a taho a take, yana ƙona naman hanci cikin 'yan awanni. Baba ko Inna da ya yi haɓo ko ya tsaya a zo a auna hawan jini, ba ya ɗaukar minti 5.

A hanya a ci gaba da matsewa, kai a sunkuye. In mashin ne a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya, kuma mai haɓo kar ya tuƙa da kansa. Ku taho da duk maganin da yake sha ko kwalinsa, har na gargajiya, ku kuma riƙe lokacin da jinin ya fara don shi za mu fara tambaya. Abin da ya fi ƙarfinmu za mu rubuta muku takarda zuwa babban asibitin Ringim, in ta kama likitan hanci da kunne ne su tura ku Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano, can suna da kayan toshe hancin da na ƙona jijiyar da take zuba. In dare ne kuma kun ga ɗaya daga cikin manyan alamomin can, kar ku tsaya jiran mu buɗe da safe, a tada mai mota ko mai mashin a wuce Ringim.