Neman uzurin rashin halartar darasin ranar Laraba

Assalamu alaikum Dakta,

Da fatan Malam yana lafiya, ya kuma ƙoƙari da mu. Ni ne Abdurrazaƙ, ɗalibinka ɗan ƙasar Gana daga Kumasi, ina aji biyu a darasin ƙididdiga.

Ina sanar da Malam cewa ba zan samu halartar darasin Laraba mai zuwa, 12 ga wata, na ƙarfe 10 zuwa 12 ba. Hukumar Shige da Fice ta ba ni ƙarfe 9 na safiyar ranar a ofishinta na Alagbon da ke Ikoyi a Legas, domin sabunta katina na izinin zama. 'Yan ƙasashen ECOWAS kwana 90 muke da shi a Najeriya ba tare da biza ba. Wanda zai zauna fiye da haka sai da wannan katin, nawa kuma zai ƙare ranar 20 ga wata. Idan na ɗage, ba lallai in samu wata rana kafin ya ƙare ba.

Aike ba ya yi, domin za a ɗauki hotona da zanen yatsuna, a kuma duba fasfona na asali. Zan tafi da tsohon katin, takardar samun gurbin karatu, rasidin kuɗin makaranta na bana da wasiƙar jami'a mai shaida cewa har yanzu ni ɗalibi ne. Ƙarfe 9 lokacin isa ne kawai. Akwai layi, akwai tantance takardu, idan kuma sabis ya ɗauke sai a jira, tunda ba a ɗaukar yatsu sai da shi. Ga cunkoson gadar Third Mainland a dawowa makaranta a Akoka. Shi ya sa ban ce zan riski rabin darasin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gwajin maki 10 da Malam ya sa a ranar. Ina roƙon a ba ni dama in rubuta shi Alhamis ƙarfe 2 a ofishin Malam, ko Talata kafin sauran ɗalibai idan hakan ya fi. Aikin gida kuwa zan miƙa shi Talata ta hannun wakilin aji, shi ne kuma zai ba ni bayanan darasin. Ina kuma roƙon a rubuta mini "da uzuri" a takardar halarta.

Na haɗa kwafin takardar da ke ɗauke da rana da lokacin da aka ba ni, da shafin fasfona. Idan aka ce in sake komawa wata rana, zan sanar da Malam a yammacin Larabar, in sha Allahu.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibinka,
Abdurrazaƙ