Tambaya ta 3: Ƙarin albashi da haraji (maki 10)

Wata ma'aikaciyar kamfanin man gyaɗa a Maraɗi tana ɗaukar jika 200 na sefa a wata. An yi mata ƙari, albashin ya koma jika 260. Kafin ƙarin da bayansa, a cikin albashin akwai jika 20 na kuɗin mota da haraji ba ya taɓawa. Sauran kuwa, bisa matakan da aka tsara don wannan jarrabawa kawai, jika 100 na farko ana cire musu 5%, daga nan zuwa jika 200 15%, abin da ya haura 200 kuma 30%.

Abokin aikinta ya ce mata: "Hajiya, ƙarin nan wahala ce! Kin shiga matakin 30%, duk albashinki za a yanka da shi."

a) Ku lissafa harajinta kafin ƙarin da bayansa. (maki 3)

b) Kafin ƙarin da bayansa, ku fitar da kason gaɓa, wato wanda ke hawa kan jikar ƙarshe, da matsakaicin kaso, wato haraji a raba da kuɗin da ake yi wa haraji, da kason zahiri, wato haraji a raba da albashi gaba ɗaya. Kada ku haɗa biyun ƙarshe, a nan ɗalibai suka fi zubar da maki. (maki 4)

c) Cikin jika 60 na ƙarin, nawa suka shiga hannunta? Kashi nawa haraji ya ci, kuma me ya sa bai kai 30% ba? Da wannan ku ba abokin aikin amsa, cikin layi biyu. (maki 3)