Takardar Ajiye Aiki

Hajiya Matiron,
Sashen Kula da Yara

Assalamu alaikum. Da fatan an tashi lafiya, ya aiki?

Ina sanar da ke cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a wannan asibiti daga ranar 30 ga Satumba. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Jami'ar Bayero, kuma karatun ba ya haɗuwa da dutin dare. Wannan takarda ita ce sanarwata ta wata guda.

Wallahi Hajiya, ba cikin sauƙi na yanke wannan shawara ba. Shekara shida ke nan ina ƙarƙashinki. Ban manta darena na farko ba, lokacin damina, wodi cike da yara masu zazzaɓin cizon sauro, hannuna na rawa na kasa samun jijiyar wani jariri. Kika zo kika riƙe hannun yaron, kika ce, “Sannu a hankali, ’yata,” har ruwan ya shiga. Abin da nake gaya wa ƙannenmu sababbi ke nan har yau. Allah ya saka miki da alheri, ke da likitoci da abokan aiki, har da masu shara da ke taya mu rarrashin iyaye.

Kafin na tafi zan miƙa makullin kabad ɗin magunguna da littafin lissafinsu, da jadawalin duti na Oktoba. Duk wadda kika zaɓa, mu yi mako biyu tare in nuna mata komai, musamman injin iskar nan mai gardama. Gidanmu na Gwale, in an buƙace ni a kira kawai.

Abin da na yi ba daidai ba, a yafe mini.

Taki mai biyayya,
Sista Hauwa